Zaren Yaya a Zanen Ma'auni

Tun yana firamare ake kiransa Ma'auni, kuma ba don tsayinsa ba. Idan aka raba wa yara lemo shi ne zai jera kofuna a kan tebur, ya durƙusa ya kanne ido ɗaya, ya sanar da jama'a cewa na wane ya fi na wane da yatsa guda. Mahaifinsu mai gyaran famfo ne, ya rasu ya bar musu akwatin sifana da 'ya'ya huɗu. Babban, wanda kowa ke cewa Yaya, ya ɗauki bakin magana ya shiga sayar da kayan mota. Mai bi masa ta zama malamar makaranta, har a gida Malama ake ce mata. Auta ya kama tuƙin babbar mota, ba a ganinsa sai a waya. Shi kuwa Ma'auni, na uku, ya samu aiki a kamfanin ruwa, a wani ɗaki mai fanka ɗaya da tagar da ke kallon bayan janareta. Aikinsa shi ne ya lissafa ruwan da aka turo cikin bututu da wanda aka biya kuɗinsa, sannan ya bayyana wa manya dalilin da ya sa lambobin biyu ba su taɓa gaisawa ba.

Ya yi shekaru yana wannan aiki ba wanda ya san da zamansa, sai ranar da aka tura shi bita ya dawo da zanen Sanki.

Zanen ba wani abin tsoro ba ne. Ana karanta shi daga hagu zuwa dama. Abin da ya shigo yana tahowa kamar kogi, ya rabu rassa, kuma faɗin kowane reshe daidai yake da yawan abin da ya ɗauka: reshen da ya ɗauki rabi, rabin faɗin kogin zai ci. Sharaɗinsa ɗaya ne, abin da ya shiga kowace matattara shi ne zai fita, ba ƙari ba ragi. Ma'auni ya zana wa kamfani nasu. Ga ruwa ya fito daga matata, ya rabu zuwa tankunan unguwanni, daga nan wani ya tafi gidajen da ke da mita, wani ya tsiyaye ta fasassun bututu, wani ya bi masu jona bututu a ɓoye. Manaja ya dubi reshen yoyo, ya ga ya kusa kai na masu biya kauri, ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. A watan aka fitar da kuɗin gyara. A gaban kowa manaja ya dafa kafaɗar Ma'auni ya ce, "Ka ga aiki."

Wannan dafawar ce ta lalata shi. Daga ranar duk abin da ke motsi a duniya sai ya ga kogi da rassa.

A gida kuwa akwai kogin da ke ƙafewa tun kafin wata ya yi nisa. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti, maƙwabta na kiranta Sista, shi yana ce mata Maman 'Yan Biyu. Suna haya a hawa na biyu, ɗaki uku da falo. 'Yan biyun suna sakandare, suna cin abinci kamar an yi musu gorin rama. A ɗakin ƙarshe kuma akwai Inna, mahaifiyarsa, da ciwon suga da hawan jini da rediyonta. Akwai wata mata da ke zuwa ta zauna da ita da rana idan duk sun fita aiki. 'Yan'uwansa suna turo abin da suke kira gudummawa.

Wata safiya ya duba waya ya ga abin da ya rage a banki, ya ajiye cokalin shayi ya ce, "Gidan nan akwai yoyo."

"A bayi ne," in ji Sista. "Tun bara nake gaya maka."

"Kuɗi nake nufi. Zan gano inda yake bi."

"Allah ya ba da sa'a, Baban 'Yan Biyu. In ka gano ka gaishe shi."

Wata guda cur gidan ya koma ofishin bincike. Ya kafa dokar cewa ko ashana aka saya a kawo masa labari. Ya ajiye kwalin takalmi a kan firij don tara rasit. Mai kayan miya ba ya ba da rasit, don haka Sista take dawowa daga aiki ƙafafu a kumbure ta tarar da shi a ƙofar kicin da biro. "Albasar nawa? Ita da tumatir kuɗinsu ɗaya, ko daban-daban?" Ya raba sabulu gida biyu, na wanka da na wanki. Ya raba kuɗin mota na zuwa da na dawowa, har sai da ya lura kullum daidai suke.

Da ya zuba lambobin a kwamfutar ofis lokacin hutun rana, sai ya ga gidansu ya yi arziki. Abin da ke shigowa ya fi abin da ya sani da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ya yi kwana biyu yana tafiya kamar mai fili a bakin titi, kafin ya gane cewa kuɗin cefanen da yake ba Sista ya lissafa su sau biyu: sau ɗaya cikin albashinsa, sau ɗaya a matsayin abin da ya shigo hannunta. Ya goge arzikin ba tare da ya gaya wa kowa ba. Sai kuma hagu ya fi dama da ɗan abu, kuɗi sun shigo ba a san ta inda suka fita ba. Tunda zanen ba ya yarda kogi ya ɓace a hanya, dole ya ƙirƙiri reshe ya sa masa suna "Ba a Sani Ba".

Abokiyar aikinsa a ofis, wata mai haɗa rahoto da suke cewa Hajiyar Rahoto, ta leƙo ta bayan kujerarsa.

"Wannan na wace unguwa ce?"

"Na gidana ne."

Ta ƙirga rassan da yatsa har ta gaji. "Malam, kuɗinku wuri ɗaya suke taruwa su fita, ko? To sanduna biyar za ka ja, doguwa a sama, gajera a ƙasa. Ko ka rubuta a bayan ambulan. Wannan zanen na abin da ke da mashigai da yawa ne, yana kuma canza hannu a hanya. Kai kana so ne ka san me ya fi cin kuɗi."

Ya yi mata murmushin da ake yi wa wanda bai je bita ba.

Ranar Asabar da hantsi ya tara iyali a falo. Ya buga zanen a injin da ake buga taswirar bututu, takardar ta kai faɗin tabarma, ya manna ta a bango ya rufe kalanda da rabin taga. Daga hagu ziri huɗu: albashinsa, albashin Sista, kuɗin ƙarin aikin da take yi, da gudummawar dangi. Duka suka haɗu a wani ginshiƙi a tsakiya da ya rubuta wa "Gida". Daga nan suka watse zuwa dama, rassa sun fi talatin, kowanne da launinsa. Na ƙasa sun yi siriri har sunayensu na hawa kan juna, ashana ta hau kan allura, allura ta hau kan batirin rediyo.

Ya ɗauki sandar labule ya yi bayani na tsawon lokacin da ruwan shayi ya tafasa ya huce. 'Yan biyun suka ce ya yi kama da taliyar da aka zubar. Inna ta ce launukan sun yi kyau, ta tambaya ko za a ba ta takardar ta shimfiɗa a cikin durowa idan an gama.

Sista ta tashi ta tsaya gaban zanen, ta riƙe ƙugu.

"Wanne ne ya fi kauri?"

"Haya."

"Sai?"

"Abinci. Sai makaranta. Sai hidimar Inna."

"Ikon Allah. Wato haya ce ke cin kuɗinmu. Ni da na zaci kyauta mai gidan ya ba mu." Ta juyo ta dube shi. "Wata guda kana tsare ni a ƙofar kicin don ka gano muna biyan haya? To gaya mini, tun wane wata kuɗin abinci ya fara tashi?"

"Wannan na wata ɗaya ne. Ba ya nuna lokaci."

"Wanne za mu rage?"

"Ba ya faɗin wannan. Yana nuna yadda abin yake ne."

"Wannan kuma Ba a Sani Ba ɗin, ɗan uban wa ne?"

Ba a Sani Ba ya fi kuɗin wuta kauri. Ma'auni ya ce ana kan bincike. A ransa ya san rabinsa kati ne na waya da abincin rana a bakin ofis, abubuwan da mai bincike bai ga dalilin binciken kansa a kansu ba.

Da abin ya tsaya nan, da an yi dariya an wuce. Amma mutumin da ya yi wata guda yana aiki ba ya yarda a sallame shi da taliya. Ya ɗauki hoton zanen ya tura a zauren dangi na waya, ya rubuta a ƙasa, "Yadda ake tafiyar da gida a ilimance."

Malama ta turo alamar tafi. Auta bai buɗe ba. Yaya kuwa ya buɗe, ya ja hoton da yatsu biyu ya ƙara girmansa, ya bi zirin gudummawar dangi da ido har ya shiga ginshiƙin "Gida". Ya duba abin da ya fito ta ɗaya gefen, idonsa ya tsallake haya da makaranta ya sauka a kan wani ɗan reshe ruwan hoda: "Kitso da man shafawa".

Saƙon muryarsa ya iso da rana tsaka, ana jin ƙarar guduma a bayansa. Ya ce shi ba mai son magana ba ne. Ya ce Allah ya sani shi ke ɗauke da Inna tun rasuwar Baba. Ya ce bai taɓa tambaya ba, amma tunda yau an kawo shaida da hannunsu, to ga shi kowa ya gani, kuɗin da suke tarawa don maganin tsohuwa tukunya ɗaya ake zuba su da na gyaran gashi. Ya ce ba ya zargin kowa. Ya maimaita haka har sau uku, yadda ba wanda zai kasa gane wadda ba ya zargi.

Ma'auni ya yi ƙoƙarin bayani a rubuce. Ya ce idan kuɗi sun haɗu a matattara ɗaya, zanen ba ya iya nuna na wane ne ya tafi ina, haka aka gina shi. Yaya ya amsa, "Ka ji ko? Shi ma ya ce ba a san inda suka tafi ba."

Sista ta saurari saƙon sau ɗaya a kicin. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata Ma'auni ke nan. Ta gama yi wa Inna gwajin suga, ta wanke hannu, ta zo ta same shi a falo yana kallon bangon da ya jawo masa.

"Cire wannan," ta ce. "Ka zana wani. Na Inna kaɗai. Kowa da sunansa, kada ka haɗa mini su a dangi. Kuma ka nuna hannun da kuɗin suka bi."

Karo na farko ke nan da wani ya nemi ya yi zanen, kuma bai ji daɗin da ya zata zai ji ba.

Wannan bai ɗauke shi wata ba, yini biyu ya yi, don komai yana cikin saƙonnin banki da kwalin takalmi. A hagu ya sa Yaya, Malama, Auta da shi kansa. A tsakiya matattara biyu, tunda hanya biyu kuɗin ke bi: Yaya da Auta shi suke turo wa, Malama kuma Sista take turo wa. Daga hannunsa ake biyan mai zama da Inna da kuɗin ganin likita. Daga hannun Sista ake sayen magani, da tsinken gwajin suga, da abincin da likita ya ce a riƙa yi mata daban. Rassa biyar kacal.

Matattararsa ta daidaita. Ta Sista ta ƙi. Abin da ke fita daga hannunta ya ninka abin da Malama ke turowa har ya ɗora. Ya sake lissafi, ya zaci ya kuma ƙirga wani abu sau biyu. Bai ƙirga ba.

"Maman 'Yan Biyu, akwai giɓi a wajenki. Kuɗi na fita ba su shigo ba."

Tana ninke kayan yara, ba ta ɗago ba. "Ka zaci ƙarin aikin da nake karɓa ranakun hutu don son warin asibiti ne?"

A zanen farko ma kuɗin suna nan. Shi da hannunsa ya ja zirinsu, ya ba shi launin kore, ya tura shi cikin "Gida" ya narke da sauran, ya kuma tsaya da sandar labule yana nuna mata shi. Ya koma kan sabon zanen. Sannan ya ƙara ziri na biyar a hagu. Ya fara rubuta "Gida", ya goge, ya rubuta "Sista". Shi ne ya fi kowanne faɗi.

Dangi suka hallara a gidansa ranar Lahadi bayan azahar. Malama ta zo da lemo, aka jingina waya da kwalba don Auta ya gani daga inda ya faka mota. Yaya ya zo a makare yana kaɗa makulli, ya zauna a kujerar mai gida. Takardar wannan karon ƙarama ce, Ma'auni ya ajiye ta a kan tebur, bai ɗauko sanda ba.

Malama ce ta fara ganewa. Ta bi zirin kore da farce daga hagu har zuwa magani, ta ɗago ta dubi Sista, ta rufe baki da gefen mayafi.

Yaya ya juya takardar ta fuskance shi. "Ina nawa?"

"Ga shi a sama, Yaya."

"Ina?"

"Nan. Ƙarƙashin sunanka."

Yaya ya sunkuya. Ya hura wurin, ya sa yatsa ya goge, a zatonsa gashi ne ya faɗo a kan takardar. Gashin bai motsa ba.

"Injinku tawada ta ƙare masa?"

"A'a, Yaya. Faɗin kowa daidai da abin da ya turo ne."

"Ni ne babba a gidan nan."

"Ba ya auna shekaru."

Dariyar Auta ta fito daga waya ta cika falon, sai ya ce hanyar sadarwa ce ba kyau, ya kashe. Yaya ya ce akwai abubuwan da yake yi da ba a gani. Ya ce addu'a fa? Ya ce kankanar da ya kawo fa? Sista ta ce, cikin ladabi ƙwarai, ai kankanar 'yan biyu ne suka sha, likita ya ce a rage wa Inna kayan zaƙi. Yaya ya ce a ƙara wa zaren nasa kauri ko don idon yara, ba kyau a ga babba haka. Ma'auni, wanda tun yana yaro bai taɓa musa wa Yaya ba ko a kan wurin zama a mota, ya ce, "In na ƙara maka sai na rage wa wani, Yaya. Wa zan rage wa?"

Yaya ya tashi ya shiga ɗakin Inna ya gaishe ta, ya fita bai sha lemo ba. Bai ba Sista haƙuri ba. Malama ce ta bi ta kicin, suka daɗe a can, suka fito idanunsu jajur suna maganar tsadar gas.

Farkon watan da ya biyo baya wayar Ma'auni ta yi ƙara a ofis. Yaya ne ya turo kuɗi, masu kauri, sun fi na kowa. Ko minti biyar ba a yi ba saƙo ya biyo: "A sake zanen. A tura zaure." Ashe ya fahimci darasin fiye da kowa, ya gane zanen wata ɗaya yake ɗauka. Ma'auni ya zana, Yaya ya fito kamar babban titi, ya sa hoton a fuskar wayarsa mako guda. Wata na gaba ya koma zare. Na bayansa ko zaren babu, ya ce kaya sun maƙale a hanya.

Da shekara ta zagayo Ma'auni ya haɗa na wata goma sha biyu a zane ɗaya. Zaren Yaya ya samu ci gaba, ya kai igiyar takalmi. Yaya ya duba ya ce shi dama bai yarda da waɗannan zane-zanen ba, zumunci ba a auna shi da rula.

Amma Malama ta ƙara nata, Auta ya ɗauki kuɗin mai zama da Inna gaba ɗaya, kuma Sista ta daina karɓar aikin ranar hutu sai in ta ga dama. Asabar ta farko da ta samu kanta a gida ta yi barci har rana ta take, ta tashi ta rasa abin yi, ta wanke labulen da ba su yi datti ba.

Lissafin gida kuwa yanzu layi biyar ne a jikin ƙofar firij, da rubutun Sista, ana canza shi duk wata. Ma'auni yana wucewa ta gabansa da fuskar likitan da aka ce ya zo ya ɗaura filasta. Yana nan a kamfanin ruwa, an ƙara masa girma sau ɗaya, an ba shi taga mai kallon wurin ajiye motoci. Kwanan baya mai gadin kamfanin ya yi kuskuren cewa a gabansa albashi ba ya kai shi ƙarshen wata. Ma'auni ya ja kujera ya tambaye shi hanyoyin samunsa nawa ne. Mai gadi ya ce ɗaya. Ya tambaye shi ina kuɗin ke tafiya. Ya ce haya da abinci.

"Shi ke nan?"

"Sai in sun rage, ranka ya daɗe. Ba sa ragewa."

Ma'auni ya juya biro a hannu, ana ganin yadda son yin zanen ke cin sa. Daga ƙarshe ya mayar da biron aljihu, ya tambayi mai gadin ko ya ci abincin rana.